Darasin Agajin Farko: Idan Abinci Ya Shaƙe Babba ko Jariri

Jama'a, darasinmu na wannan fitowa a kan ƙwarewa ne, wato lokacin da loma, ko ƙwayar gyaɗa, ko wani ɗan abu ya kauce hanya ya toshe wa mutum numfashi. A gidajenmu na Aboabo da Sawaba da Asawase iyalai da yawa ne ke zaune a tsakar gida ɗaya. Manya na ci, yara na kai da komo, jarirai na rarrafe suna tsintar abin da ya faɗi ƙasa. Idan wani ya ƙware, abin da aka fi ji shi ne, "A ba shi ruwa!" ko kuma, "A nemo mota a kai shi asibiti!" Idan hanyar numfashi ta toshe gaba ɗaya, babu ɗaya cikin biyun da zai cece shi.

Dalili shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan kamar minti 4 ba ta sami iska ba. Daga unguwanninmu zuwa Asibitin Manhyia ko Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, ko da hanya babu cunkoso, da wuya a fitar da mutum daga lungu, a sami abin hawa, a isa cikin waɗannan mintoci. Saboda haka wanda ke zaune kusa da shi a kan tabarma shi ne zai yi aikin, kuma ba ya buƙatar komai sai hannuwansa biyu.

Abin da ke faruwa a cikin wuya

A cikin wuya akwai hanyoyi biyu. Ta gaba ita ce hanyar numfashi, mai zuwa huhu. Ta bayanta ita ce hanyar abinci, mai zuwa ciki. A bakin hanyar numfashi akwai ɗan marfi da ke rufe ta duk lokacin da muka haɗiya. Idan mutum ya yi dariya, ko magana, ko ya ja numfashi da ƙarfi alhali da abinci a bakinsa, lomar na iya riga marfin, ta faɗa hanyar numfashi.

Ruwan da muke bayarwa hanyar abinci yake bi, ba ya zuwa inda lomar ta maƙale balle ya tura ta. Wani lokaci ma shi kansa ruwan ne ke kaucewa ya ƙara shaƙe mutum. Abin da ke fitar da loma shi ne iskar da ta rage a cikin huhu. Tari yana turo wannan iska da ƙarfi. Idan tari ya gagara, bugun baya da matsar ciki ne ke yin aikin tarin a madadinsa.

Ku saurara kafin ku taɓa shi

Matakin farko shi ne a gane ko hanyar ta toshe duka ko da saura. Kunne ne ke gaya muku. Ku tambaye shi da ƙarfi, "Ka ƙware ne?"

Idan ya amsa da murya, ko yana tari mai ƙarfi, ko yaro ne yana tsala kuka, to iska na wucewa. Ku bar shi ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ku ce masa ya ci gaba da tari. Kada ku buge shi, kada ku ba shi ruwa ko wata loma, kada kuma ku tafi ku bar shi. Tarinsa ya fi hannunku ƙarfi a wannan hali.

Idan kuwa ya kasa magana, sai gyaɗa kai, ko ya riƙe wuyansa da hannu, ko tarin ba ya fitar da sauti, ko numfashin ya zama ɗan siririn fito, to hanyar ta toshe. Ku dubi leɓɓansa da dasashinsa da harshensa. A jikin baƙin mutum nan ne ake fara ganin launi ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Ku riƙe wannan ƙa'ida: mai hayaniya yana samun iska, wanda ya yi shiru shi ne ke cikin haɗari. Mai tari ma yana iya komawa shiru, shi ya sa ba a barin sa shi kaɗai.

Babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya

Bari mu bi abin da misali. Mu ɗauka ana walimar suna a wani gida a Aboabo. Wani dattijo da haƙoransa suka ragu yana cin tsire, ana hira ana dariya. Can sai ya miƙe, idanu a waje, hannu a wuya, babu sauti. Ɗan ƙaninsa ne ke zaune kusa da shi.

Ya ce, "Baba, ka ƙware ne?" Dattijon ya gyaɗa kai kawai. Ya ce, "Zan taimake ka, Baba, sunkuya." Sannan ya nuna mutum ɗaya da yatsa ya ce, "Yaya, kira 112 yanzu." Ya zaɓi mutum ɗaya ne domin idan aka ce "wani ya kira", kowa sai ya zaci wani ya kira.

Ya fara da bugun baya. Ya tsaya a gefen dattijon, ɗan baya kaɗan. Ya sa hannu ɗaya a ƙirjinsa ya tallafe shi, ya sunkuyar da shi sosai har kansa ya yi ƙasa daidai da ƙirjinsa ko ƙasa da haka. Sunkuyawar tana da muhimmanci, domin idan aka bugi mutum yana tsaye kyam, lomar da ta motsa tana iya ƙara nutsawa ciki. Da gindin tafin ɗaya hannun, wato wurin nan mai kauri kusa da wuyan hannu, ya buga tsakanin allunan kafaɗu biyu da ƙarfi. Bayan kowane bugu yana dubawa ko abin ya fito. Ya yi har sau 5, bai fito ba.

Sai ya koma matsar ciki. Ya tsaya a bayan dattijon, ƙafarsa ɗaya tsakanin ƙafafun dattijon domin ya iya riƙe shi idan ya sulale. Ya zagaya hannuwansa ta kugunsa, dattijon na sunkuye. Ya dunƙule hannu ɗaya, ya ɗora gefen babban yatsa a kan cikin, sama da cibiya kaɗan, ƙasa da inda ƙashin ƙirji ya ƙare. Ya kama dunƙulen da ɗaya hannun, ya fizgo ciki da sama a lokaci guda, kamar mai son ɗaga shi. Kowace fizga daban take, da ƙarfinta, kuma ana iya yi har sau 5. A ta uku sai guntun naman ya faɗo, dattijon ya ja numfashi ya fara tari. Nan take ya daina.

Da bai fito ba, sai ya koma bugun baya 5, matsar ciki 5, ya yi ta maimaitawa har abin ya fito, ko ma'aikatan motar asibiti su karɓa, ko dattijon ya suma. Wannan matsar ciki wani likita ne ɗan Amurka, Henry Heimlich, ya bayyana ta a 1974, shi ya sa za ku ji ma'aikatan lafiya suna kiran ta da sunansa.

Kurakurai biyu aka fi yi. Na farko, jin nauyin babba. Yaro ba ya son dukan bayan mahaifinsa, mace tana jin kunyar kama surukinta, sai a yi ɗan shafa-shafa. Shafa ba ta fitar da loma, bugun sai ya zama na gaske. Na biyu, ɗora hannu a wurin da bai dace ba. Idan dunƙulen ya hau kan haƙarƙari ko ƙarshen ƙashin ƙirji, ana iya karya ƙashi. Idan ya sauka ƙasa da cibiya, ƙarfin ba ya kaiwa huhu. Ku lalubo cibiya tukuna, ku ɗora hannu sama da ita.

Idan yaro ne ɗan shekara biyu ko biyar, matakan ɗaya ne, sai dai ku durƙusa a bayansa domin tsayinku ya yi daidai, ku kuma rage ƙarfi gwargwadon jikinsa. Ƙaramin yaro ana iya kifa shi a kan cinya, kai a ƙasa, a yi masa bugun bayan.

Mai ciki, mai ƙiba, da wanda yake shi kaɗai

Mace mai tsohon ciki ba a matsa mata ciki. Haka ma mutumin da ƙibarsa ta hana hannuwanku zagaya shi. Bugun baya 5 yana nan yadda yake. Bayansa sai ku zura hannuwanku ta ƙarƙashin hammatarta, ku ɗora dunƙulen hannu a tsakiyar ƙashin ƙirji, ku kama da ɗaya hannun, ku fizgo baya kai tsaye, har sau 5.

Idan kai kaɗai ne a ɗaki ka ƙware, kada ka shige banɗaki don kunya. Fito inda mutane suke, ka buga ƙofa ko kwano su gan ka. Idan babu kowa, ɗora dunƙulen hannunka sama da cibiya, ka kama da ɗaya hannun ka matsa ciki da sama. Ko kuma ka jingina wannan wurin a kan bayan kujera ko bakin tebur, ka danna da nauyin jikinka da sauri, ka yi ta maimaitawa.

Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya

Jariri ba a matsa masa ciki ko kaɗan. Hantarsa babba ce idan aka gwada da jikinsa, kuma haƙarƙarinsa bai rufe ta sosai ba, matsar na iya yi mata rauni. A wurinsa bugun baya ne da danna ƙirji.

Mu ɗauka jaririya 'yar wata takwas tana zaune a tabarma, uwarta na ɓarar gyaɗa. Yayanta ɗan shekara uku ya sa mata ƙwaya ɗaya a baki. Uwar ta waiwaya ta ga bakin yarinyar a buɗe kamar mai kuka, amma babu sauti.

Uwar ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta ce ta kira 112. Ta zauna a kan kujera. Ta kifa yarinyar a kan hannunta, daga gwiwar hannu zuwa tafi, ta ɗora hannun a kan cinyarta, kan yarinyar ya yi ƙasa da ƙirjinta. Ta riƙe muƙamuƙin da babban yatsa da sauran yatsu, ba ta matse taushin wuyan ba, ba ta kuma rufe bakin ba. Da gindin tafin ɗaya hannun ta buga tsakanin allunan kafaɗu sau 5, tana dubawa bayan kowane bugu.

Gyaɗar ba ta fito ba. Sai ta ɗora ɗaya hannun a bayan yarinyar, tafinta na tallafe da ƙeya, ta juya ta rigingine a kan cinyarta, kai har yanzu a ƙasa. Ta sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, a kan ƙashin, ƙasa kaɗan da layin da ya haɗa kan nonuwa biyu. Ta danna da kaifi, zurfin kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin, wato wajen santimita 4, tana barin ƙirjin ya dawo kafin ta sake. Ta yi sau 5, ta leƙa bakin. Ta sake kifa ta, a bugu na biyu gyaɗar ta faɗo, yarinyar ta fashe da kuka. Kukan nan shi ne alamar hanya ta buɗe.

Abubuwa uku ne uwar ba ta yi ba, kuma ku ma kada ku yi. Ba ta zura yatsa cikin maƙogwaro tana lalube ba, domin yatsa na tura abin ya ƙara nutsawa. Ana cire abu da yatsa ne kawai idan ana ganin sa ƙuru-ƙuru a cikin baki kuma za a iya kama shi. Ba ta riƙe ƙafafun yarinyar ta zazzage ta ba, domin wuyan jariri ba ya ɗaukar haka, kuma tana iya suɓucewa. Ba ta kuma ɗura mata ruwa ko ta ba ta nono ba.

Idan mutum ya suma

Idan jikinsa ya saki, ya daina amsawa, a daina bugun baya da matsar ciki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, kada a kan katifa. Idan ba a kira 112 ba, a kira yanzu, a buɗe lasifikar waya domin hannuwa su samu yin aiki.

Ga babba, ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe. Danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 30, da saurin kusan sau biyu a daƙiƙa ɗaya. Sannan buɗe bakin ka duba. Idan ka ga abin, cire shi. Ɗaga haɓarsa, kansa ya koma baya, toshe hancin, hura masa iska sau 2 kana kallon ko ƙirjin ya tashi. Koma dannawa 30. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa. Ga jariri yatsu biyu ne, kansa a daidaice ba a lanƙwasa shi baya sosai, bakinka ya rufe bakinsa da hancinsa tare, iskar kuma 'yar kaɗan ce, gwargwadon abin da kumatu ke riƙewa. Ko iskar ba ta shiga ba kada a tsaya, domin dannawar kanta tana iya turo abin. A ci gaba har ya fara numfashi ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Idan an gaji, wani ya canji wani.

Kiran 112

Lambar 112 ita ce ta gaggawa a duk faɗin Ghana, kuma kiran kyauta ne. Mai kira ya faɗi abu uku a taƙaice: mutum ya ƙware ba ya numfashi, babba ne ko jariri, da kuma inda ake. A ambaci unguwa da wata alama da kowa ya sani, kamar masallaci ko makaranta ko gidan mai. Lungunanmu matsattsu ne, don haka a tura yaro bakin titi ya tari motar. Wanda bai iya Turanci ko Tuwi ba ya miƙa wayar ga maƙwabcin da ya iya. Yana da kyau tun yau kowane gida ya san wa zai riƙa yin wannan kira.

Bayan abin ya fito

Duk wanda aka matsa wa ciki ko ƙirji, a kai shi asibiti a duba shi a ranar, ko da ya ce ya warke, domin matsar na iya yin rauni a ciki wanda ido ba ya gani. Jariri kuwa a kai shi ko da bugun baya kawai aka yi masa.

Akwai kuma halin da yaro zai ƙware, ya yi tari, sannan ya lafa kamar babu komai, alhali guntun gyaɗa ya wuce cikin huhu. Bayan kwanaki sai a ga tarin da ba ya jin magani, ko fito a numfashi, ko zazzaɓi mai dawowa. A kai shi asibiti, kuma a gaya wa likita ranar da ya ƙware da abin da yake ci. Wannan bayani yana da muhimmanci domin gyaɗa ba ta cika fitowa a hoton ƙirji ba.

Ƙayar kifi daban take. Mai ƙaya a maƙogwaro yana magana, yana numfashi, zafi kawai yake ji wajen haɗiya. Ba ya buƙatar bugun baya ko matsar ciki. Kada a sa shi haɗiyar ƙatuwar lomar tuwo ko ayaba don ta tura ƙayar, tana iya ƙara soke ta. A je asibiti a cire. Idan kuma yaro ya haɗiyi ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na agogo ko na kayan wasa, a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa, domin yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa biyu.

Abin da ya fi shaƙe mutane a gidajenmu

Ga yara: gyaɗa da gugguru da aya, alewa mai tauri, guntun nama ko ganda, tsabar kuɗi, duwatsun ado, murfin biro, da ɗan kusurwar ledar ruwa da muke cirewa da haƙori mu tofar a ƙasa. Yaron da bai kai shekara biyar ba kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, a daka ta ko a dama a kunu. A yanka masa nama ƙanana, ya ci a zaune, babba na kallo. A gaya wa yayye kada su sa wa jariri komai a baki, kuma a share tabarma kafin a ajiye mai rarrafe.

Ga tsofaffi, musamman marasa haƙora da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki: a dafa nama da ganda su yi laushi, a rage girman lomar tuwo ko fufu, a wadata ta da miya. Majinyaci a tayar da shi zaune kafin a ba shi abinci, kada a ɗura masa yana kwance.

Aikin gida

Karatu kaɗai ba ya koya wa hannu. Yau da daddare ku yi waɗannan a gidanku:

1. Kowane babba ya lalubo wurin bugu a bayan ɗan'uwansa, da wurin ɗora dunƙule sama da cibiya. A nuna wurin kawai, ba a fizgar mai lafiya.
2. A naɗe zane ko a ɗauki 'yar tsana a matsayin jariri. Kowa ya gwada kifawa, bugu 5, juyawa, dannawa 5, har hannu ya saba. 'Yan matan da ke goyon ƙannensu su ma su gwada.
3. Ku tambayi juna: yaro yana tari da ƙarfi yana kuka, me za a yi? Mace mai ciki wata takwas ta yi shiru ta riƙe wuya, ina za a ɗora hannu?
4. A rubuta 112 a bango kusa da ƙofa, tare da alamar da za a faɗa wa direban motar asibiti.

Ƙungiyar Red Cross ta Ghana da St John Ambulance suna koyar da agajin farko da mutum-mutumin gwaji. Duk wanda ya ji an shirya irin wannan horo kusa da shi, ya je ya gwada da hannunsa. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabtansa wannan darasi, ya nuna musu matakan. Allah Ya tsare mu da iyalanmu.